Dan Allah ku duba min labarin Nana da katin Sallar Iya

Rabi Garin Malam:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ina yini, ya zafi. Wata biyu ke nan ina fama da wani ɗan gajeren labari, na rubuta na goge har na gaji, yau dai na ce bari in kawo shi nan ku duba min tsakani da Allah, kar wanda ya ji kunyata. Yarinya ce 'yar shekara 7, aji biyu a lakwal, ita ke ba da labarin da bakinta. Ga shi:

Madam ta ninka takarda biyu ta ɗaga sama ta ce wannan sunansa kati, kowa ya je gida ya yi wa wanda yake so kafin Sallah. Ni Iya zan yi wa, don ita ke ɓoye min ƙanzo a ƙarƙashin faifai in na dawo daga lakwal.

Yaya Sale ya ce in za a ciri takarda a kaye daga tsakiya ake cira, inda 'yan ƙarfen nan biyu suke, in ba haka ba wata ta baya za ta faɗo Madam ta gane. Na cira daga tsakiya. Na shiga bayan randa inda ba a ganina, ƙasan wurin da sanyi, Inna tana can tana dama kunun shan ruwa.

B babba ya ba ni wuya. Cikinsa biyu ne, na sama ya fi na ƙasa girma sai ya yi kamar zai faɗi. Na goge, na sake, na goge, har wurin ya yi baƙi ya huje. Na ciri ta biyu. Yanzu kayena ya rame.

Na rubuta Barka da Salla Iya. A ƙasa na rubuta abin da take ce wa mutane in sun zo gaishe ta, Alla ya kara lafiya. Na karanta a hankali. Ba haka take faɗa ba. Kara ai shi ne wanda muke hura wuta da shi. Na sake faɗa na ɗora hannu a wuyana, ta Iya can ciki take fitowa, tana ɗan tsayawa kafin ta fito. Na duba bayan kaye inda haruffa suke, na bi su ɗaya ɗaya da yatsa har ƙarshe, babu ita. Sai na sa wa k ɗin ɗigo a kansa don a san ba na wuta ba ne.

A gaba na zana rago. Ƙafarsa ɗaya ta fi sauran tsawo.

Ranar Sallah da aka sauko idi na tarar Iya kan tabarma ta sa zanenta mai ƙamshin akwati. Ta ce ga kishiya ta zo karɓe min kuɗi. Na ce ba kuɗi ba, na miƙa mata. Ta riƙe shi, ragon kansa a ƙasa. Yaya Sale ya yi dariya ya karɓa zai karanta, ta ce ba ni nan, kai aka aiko wa? Ta ce in karanta mata da kaina. Na karanta. Ta ce sake. Na sake. Ta sa yatsa kan ɗigon ta ce wannan kuma ƙuda ne ya yi kashi? Na ce a'a ni na sa, na gaya mata dalili. Ta yi shiru tana kallonsa.

A ranar ne na fahimci cewa ƙauna ba ta buƙatar ilimin boko, kuma dangantakar da ke tsakanin jika da kaka ta wuce duk wani rubutu da alƙalami zai iya yi.

To iyakarsa ke nan. Abin da ya fi damuna ƙarshen, ina jin kamar akwai abin da bai zauna ba amma na kasa gane mene ne.

Sani na Kasuwar Dole:
Wa alaikum salam. Hajiya in katin Sallah kike so ina bugawa, mai hoto da marar hoto, ki turo sunan tsohuwar da hotonta gobe da yamma ki aiko a karɓa

Maman Fati:
Sani karanta mana har ƙasa, labari ne ta rubuta ba oda ta kawo ba. Rabi wlh wurin "kayena ya rame" sai da na ajiye waya na yi dariya, Fati haka ta yi min da kaye sabo fil bara

Sani na Kasuwar Dole:
Afuwan, kan rubutun kawai na gani. Bari in karanta.

Ɗan Birni:
Ni dai zan faɗi gaskiya tunda kin ce kar a ji kunya. Rubutun ya yi daɗi amma tushen ne ban yarda da shi ba. Wane yaro ne a Damagaram yake kai wa kakarsa kati? Mu abin da muka sani a yi wanka a sa sabbin kaya a fita yawon Sallah, a durƙusa a ce barka da Sallah, tsohuwa ta kwance bakin zane ta ba ka dala biyar ko dala goma. Kati al'adar Nasara ce. Kuma ina hawa? ina kakaki, ina dogarai, a ce labarin Sallah a Zinder ba a ga Sarki ya dawo fada ba, ai kamar a wani gari aka yi shi

Rabi Garin Malam:
Yaya na gode. Shi ya sa na sa Madam ce ta kawo abin, ba yarinyar ta ƙirƙiro ba. Kuma ita Iya ba ta san me ake yi da shi ba, ka ga ma kuɗi ta zata an zo karɓa.

Mushe Lawali:
Rabi 'yata sannu da ƙoƙari. Na karanta sau biyu. Na daɗe ina riƙe ƙananan azuzuwa kafin in huta, don haka bari in fara da abin da na sani, hannun yaro.

Ɗan Birni rabin maganarka gaskiya ce, kati ba namu ba ne, amma ai baƙuncinsa shi ne labarin. Da abu ne da aka saba, Iya ta karɓa ta ajiye, shi ke nan ba abin faɗa. Batun hawa kuma a'a. Yarinyar da ta kwana tana tunanin ko takardarta ta lanƙwashe, ko an kai ta ƙofar fada ƙafafun dawaki da ƙura kawai za ta gani, hannunta na kan aljihu. In Rabi na so ta sa jimla ɗaya a ji kakaki daga nesa ya isa.

Yanzu wurin da kika yi daidai, wataƙila ma ba ki san iyakar daidan ba. Yaranmu da faransanci suke koyon haruffa, kuma a faransanci k da w baƙi ne, kalmomin da ke da su ba su da yawa, don haka sai can baya ake zuwa kansu kuma ba a daɗewa. Ita kuwa Hausa duk inda kika juya k ne da w. Yarinyar aji biyu da ta zauna rubuta barka, harafin da ta fi ƙarancin sabawa da shi take nema. Sannan rubutun haɗe muke koya musu a kan kaye mai ƙananan layuka, kowane gida an raba shi huɗu. a da r tazara ɗaya suke ci, d tazara biyu, b da k da l da f kuwa uku suke hawa, f har ya sauka ƙasa. To duba Barka da Salla, kusan rabinsa dogaye ne. Yaro yakan gaji a tsakiya sai ki ga l na biyu ya fi na farko gajarta, layin kuma ya fara gangarawa dama kamar zai zube. Kin tsaya kan B kaɗai. Ni da za ki ƙara min jimla ɗaya kan k ɗin nan mai madauki biyu da na ji daɗi, don shi ne zai dawo daga baya da ɗigonsa.

Inda ban yarda ba: da me take rubutu? Kin ce ta goge har ya huje. In bik ne ba ya goguwa da gom sai dai ta sa yawu a yatsa ta murza, shi ne ke huda takarda nan take ya bar shuɗi. In kirayo ne yana goguwa, baƙi yake bari. Zaɓi ɗaya ki faɗa.

Rabi Garin Malam:
Mushe Allah ya saka da alheri, ban taɓa lura ban faɗi abin rubutun ba. A raina kirayo ne. Amma yawun nan ya fi kama da yaro wlh, ni kaina na yi

Habu Karkada:
Tambaya Mushe. Ba akwai lakwal da ake koyarwa da Hausa ba? ƙanena a irinta ya yi, tun aji ɗaya ya san ƙ da ɗ da ɓ. In haka ne duk wahalar ɗigon nan ba ta taso ba ai

Mushe Lawali:
Akwai Habu, kuma a nan Zinder aka fara buɗe ta gwaji a 1973. Amma ba su ne suka fi yawa ba, yawancin yara da faransanci suke farawa. Tambayarka dai ta nuna wani rami, mai karatu daga Kano ko Katsina zai ce wace irin 'yar aji biyu ce ba ta taɓa ganin k mai lanƙwasa ba. Dole labarin ya nuna irin lakwal ɗin ba tare da Rabi ta tsaya bayani ba. Hanya mai sauƙi, rubutun katin kansa ya nuna. Yaron da ya koyi haruffa da faransanci in zai rubuta u sai ya sa o da u, in zai rubuta ci sai ya jera t, c, h, i. Kuma s ɗaya tsakanin wasula biyu z ake karanta shi, shi ya sa kuke ganin Musa da Isa da s biyu a takardun haihuwarmu. To in Nana ta rubuta gaisuwa yadda take ji, Yaya Sale ya karanta da bakin lakwal, abin da zai fito bai yi kama da gaisuwa ba, don a da i ma in sun haɗu e suke zama. Ki bar shi ya karanta kalma ɗaya ta fito a karkace kafin Iya ta ƙwace. Nan mai karatu zai gane komai, kuma zai gane dalilin da ya sa ta ce yarinyar ta karanta da kanta.

Maman Fati:
Ni abin da ya tsaya min rago. Inna na dama kunun shan ruwa, ke nan azumi ake, ƙaramar Sallah ce. Me ya kawo rago? jinjirin wata ya kamata ta zana

Ɗan Birni:
Yauwa, ni ma na gani na manta ban faɗa ba. Kuskure ne wannan.

Rabi Garin Malam:
Da gangan na sa Maman Fati. Yarinyar rago kaɗai ta iya zanawa, kuma a kanta Sallah duk Sallah ce. Amma in ku biyu kun ɗauka kuskurena ne to ban nuna shi da kyau ba ke nan

Maman Fati:
To ki sa wani ya tanka mana, ko Yaya Sale ya ce ke wannan Sallar ba ta rago ba ce. Amma ni har yanzu ina ganin 'yar shekara 7 ta san bambanci, Fati tun tana 5 ta san wadda ake cin soye da wadda ake cin tuwo da miyar kaji. Yara ba su da wauta kan abin ci

Rabi Garin Malam:
Wannan zan kwana ina tunaninsa, ban yanke ba.

Malama Zuwaira:
Salam, yanzu na shigo na bi duka. Rabi ɗigon nan da kika sa, kin san abin da kika taɓo kuwa? A ajami harufan nan biyu ba ɗaya ba ne. Na kara da kaf lasan ake rubuta shi, na ƙara kuwa da ƙaf. Kuma a rubutun allo irin namu na Warshu ƙaf ɗigo ɗaya gare shi a sama, fa kuma ɗigonsa ɗaya a ƙasa, ba kamar na bugun gabas ba mai ɗigo biyu a kan ƙaf. Wato yarinyar da kanta ta laluba ta faɗa kan abin da ke kan allon kakarta. Da na zo wurin da Iya ta yi shiru tana kallo sai da tsigar jikina ta tashi, na zata abin da kike nufi ke nan

Rabi Garin Malam:
Malama wallahi ban yi da wannan niyyar ba, ɗigo kawai na ga ya fi sauƙi ga yaro. Na yi makarantar allo amma ban taɓa haɗa su a raina ba. Yanzu jikina har rawa yake. Ke nan Iya za ta iya cewa mu ma a allo haka muke sa masa?

Malama Zuwaira:
Za ta iya, ta ɗauko tsinke ta zana mata shi a ƙasa ma.

Habu Karkada:
Ni fa nan ina da ja. Kakata ta yi allo tana karanta izu biyu da ka, amma ba ta taɓa rubuta Hausa da ajami ba, in ka nuna mata ƙaf ta san shi a Alƙur'ani amma ba za ta ce maka shi ne na ƙara ba. Masu rubuta wasiƙa da ajami daban ne, yawanci malamai da 'yan kasuwa. In Iya ta fara koyar da haruffa ta zama malama, ba tsohuwar da ta riƙe kati kai a ƙasa ba

Malama Zuwaira:
Akwai irin taka akwai irin tawa Habu. Tawa 'yar gidan malamai ce, waƙoƙin wa'azi na ajami take karanta mana da dare. Riƙe boko kai a ƙasa bai hana ta sanin nata ba. Sai dai na yarda in za a yi haka dole tun farkon labari a ga allonta jingine a ɗaki, kar ya faɗo daga sama a ƙarshe

Mushe Lawali:
Duka biyun suna yiwuwa, Rabi ce za ta zaɓi kakarta. Ni shawarata kar Iya ta yi bayani ko kaɗan, in ma za ta zana a ƙasa ta zana ta yi shiru, Nana ta ga wani abu mai wutsiya da ɗigo a kai irin nata, ba ta san sunansa ba. Wanda ya yi allo zai gane, wanda bai yi ba ba a cuce shi ba.

Shi ne ya kawo ni kan abin da kika tambaya tun farko. Ƙarshen bai zauna ba don ba Nana ce ta faɗe shi ba, ke ce. Karanta da ƙarfi ki ji. Yarinyar da ta ce kayena ya rame, ta ce ba na wuta ba ne, ita ce za ta buɗe baki ta ce fahimci, dangantaka, ilimin boko? Gwajin da nake yi shi ne in ɗauki kowace jimla in tambayi kaina, in na tsayar da 'yar aji biyu a gaban tebur za ta iya faɗa min wannan? Duk labarin ya wuce gwajin sai sakin layin ƙarshe. Kuma "a ranar ne na" ya nuna babba ce ke waiwaye, alhali tun daga sama jiya jiya abin ya faru. Cire shi gaba ɗaya. Akwai kuma ɗan ƙarami, "don a san ba na wuta ba ne" ya yi kyau ƙwarai, saboda haka da Iya ta tambaya kar ki maimaita, "na gaya mata dalili" ma kalmar dalili ta ɗan yi mata girma, ki ce na gaya mata.

Maman Fati:
Bari in ba ku nawa ko zai yi amfani. Innarmu ba ta rubutu, duk takardar da aka kawo mata dangwale take yi da babban yatsa. Wata Sallah an ƙunsa wa Fati lalle da dare an ɗaure hannu da leda, ta tashi shan ruwa ta dafa min farin mayafi da yatsan da ya zame, har yau tabon na nan. Na lura Nana ba ta sa sunanta a katin ba. In da dare ta tuna, hannu a ƙunshe ba ta iya riƙe kirayo fa? Amma sai lallen na ɗanye, in an wanke da safe ba ya ɓata komai

Rabi Garin Malam:
Maman Fati Allah ya raya Fati. Dakata, ku ba ni minti kaɗan

Rabi Garin Malam:
Ga yadda na juya shi, bayan zanen ke nan:

Da dare Inna ta ƙunsa min lalle ta ɗaure da leda ta ce in na motsa zai ɓaci. Ina kwance na tuna ban sa sunana ba, Madam ta ce a ƙasa ake sawa. Na jawo katin da gwiwar hannu daga ƙarƙashin matashi. Kirayo ya ƙi riƙuwa. Babban yatsana ya leƙo ta ledar, na danne takardar da shi don kar ta gudu. Da safe wurin ya yi ja, zagaye, da 'yan layuka a ciki.

Sai ƙarshen:

Ta sa yatsa kan ɗigon ta ce wannan kuma ƙuda ne? Na ce ni na sa, na gaya mata. Ta yi shiru. Ta gangaro ƙasa inda jan yake, na ce ɓaci ne, lalle ne. Ta ɗora babban yatsanta a kai, nata ya rufe shi duka. Ta ce wannan na iya karanta shi. Ta tashi ta buɗe akwatin ƙarfe ta ɗaga zannuwa ta sa shi can ƙasa inda takardar gida take. Sannan ta kwance bakin zane ta ba ni dala goma, ta ce kishiya kar ki gaya wa Sale.

Sani na Kasuwar Dole:
Na karanta yanzu duka. Tsohuwata ta rasu shekara uku, da muka buɗe akwatinta mun samu katin makarantata na aji ɗaya a ƙasan kaya. Ba zan iya cewa komai ba Hajiya, ki ci gaba

Mushe Lawali:
Allah ya jiƙanta Sani. Rabi wannan ya zauna. Abu ɗaya, yanzu kina da alama biyu a kati ɗaya, ɗigo da yatsa, suna gasa. In kika ƙara zanen ƙaf a ƙasa sun zama uku, ya yi wa ɗan labari yawa.

Malama Zuwaira:
Mushe ni ban yarda a jefar da ƙaf ɗin ba, shi ne abin da ba kowa ya taɓa rubutawa ba. Yatsa an saba gani. In dole a cire ɗaya ni lallen zan cire

Ɗan Birni:
Ni kuma har yanzu kakakin nake jira. Kuma "wannan na iya karanta shi" ya ɗan yi min kama da maganar marubuci, tsofaffinmu da zolaya suke rufe irin wannan

Rabi Garin Malam:
Kakakin zai shigo Yaya, lokacin da take hanyar ɗakin Iya. Maganar Iya kuma zan karanta wa gwaggona ita gobe in ji ko bakin tsohuwa zai ɗauke ta. Malama dan Allah in kin samu lokaci rubuta min kaf lasan da ƙaf a takarda ki ɗauko hoto ki turo, ina so in ga ɗigon da idona in gwada duka biyun kafin in cire ɗaya

Malama Zuwaira:
Bari in idar da la'asar, tawadar ma ta bushe sai na ɗan zuba mata ruwa.